Turmi 1,700 Da Suka Ɓace Ba Tare Da An Fasa Shago Ba

A ƙarshen watan Janairun 2024, wani mai sarin atamfa a Kantin Kwari ya rufe littafinsa yana murmushi. Kayan da suka iso masa daga ƙasar Sin a farkon watan sun ƙare ƙarƙaf, dila 50, kowace turmi 100. Ya buga lissafi sau biyu a kalkuleta, ya kuma sa yaronsa ya sake bugawa, amsar ba ta canza ba. Ribar naira miliyan 6 ce. Da daren nan ya ce wa uwargida ta fara tunanin kayan ɗakin 'yarsu da za a aurar bayan sallah.

Makonni huɗu bayan haka yana zaune a kan benci ɗaya, littafin nan a cinyarsa, yana ƙoƙarin gane inda kuɗin ya shiga. Ba a fasa masa shago ba, gobara ba ta tashi ba, yaronsa bai ci amana ba, kuma a cikin masu bashinsa babu wanda ya gudu.

Wannan Alhajin ƙagagge ne, shi ya sa ba shi da suna, kuma adadin kayansa da farashinsu misali ne da aka daidaita domin lissafi ya fito sarai. Amma ranakun da farashin dalar da ke cikin labarin na gaske ne, haka ma matakan da hukuma ta ɗauka. Duk wanda ya yi harkar kayan waje a Kano a watannin nan zai gane fuskar wani da ya sani a jikinsa, ko da kuwa a Singa yake ko Sabon Gari ko Farm Centre ta 'yan waya.

Labarin ya faro ne daga watan Nuwamban 2023. Alhaji ya yi odar turmi 5,000 daga wani mai kaya a Guangzhou da suka daɗe suna hulɗa, kowane turmi dala 6, jimilla dala 30,000. Tsarinsu kuwa irin wanda amana ta kawo ne, a biya rabi kafin a ɗora kaya, rabi kuma bayan an sayar. Ya je Wapa, kasuwar canjin da ke Fagge, ya sayi dala 15,000 a kan naira 1,100 kowace ɗaya, ya kashe naira miliyan 16 da rabi ke nan. Kuɗin jirgin ruwa da na kwastam da motar da ta ɗauko kayan daga Legas da 'yan dako suka lashe miliyan 7 da rabi. Duka-duka miliyan 24 suka fita daga aljihunsa, kuma wannan ita ce uwar kuɗinsa.

Saura dala 15,000 da ake binsa. Alhaji ba sabon shiga ba ne, ya san dala ba ta zama wuri ɗaya, saboda haka da ya zo yanke farashi bai lissafa ta a 1,100 ba, ya ƙara mata ɗari ya sa 1,200. Bashin ya zama miliyan 18 a littafi. Idan aka haɗa da miliyan 24 na farko, kayan sun tsaya masa a miliyan 42, wato kowane turmi naira 8,400. Ya yanke zai bayar da sari a 9,600.

Kasuwa kuwa ta karɓa. Azumi na tafe a watan Maris, 'yan sari daga garuruwa suna ta rige-rigen ɗaukar kayan sallah tun da wuri. Turmi 3,500 suka tafi kuɗi hannu. Ragowar 1,500 ya raba wa tsofaffin abokan cinikinsa bashi, wasu a Gusau, wasu a Azare, da wani mutumin Maraɗi da tun zamanin mahaifinsa suke tare, a kan za su biya bayan sallah. Cinikin gaba ɗaya miliyan 48. A cire 42, saura 6. Lissafin babu kuskure a cikinsa, in dai dala za ta jira shi a 1,200.

Makon da dala ta ƙwace

Ranar Juma'a 26 ga Janairun 2024, dala ta rufe a kasuwar hukuma a kan naira 890 da ɗoriya. Ranar Litinin ta haura 1,300. Ranar Talata ta kusa 1,500. Abin da ya faru shi ne kamfanin FMDQ, wanda ke fitar da farashin kasuwar hukuma a lokacin, ya sauya yadda yake ƙididdige shi domin ya dace da ainihin farashin da bankuna ke cinikin dala a kansa. A cikin kwanakin aiki biyu naira ta rasa kusan kashi 40 cikin 100 na darajarta a hukumance.

Alhaji ya ji labarin a rediyo, ya ɗaga kafaɗa. Shi da dalar banki ai ba su taɓa haɗuwa ba. Tun 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa yadi da tufafi cikin jerin kayayyaki 41 da aka hana masu shigo da su dalar hukuma, kuma ko da aka janye hanin a watan Oktoban 2023, ɗan kasuwa irinsa Wapa ya sani. Sai dai kasuwannin biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Matsalar asali ƙarancin dala ce. A lokacin, man da ƙasar ke haƙowa ya ragu, Babban Bankin kuma ana binsa bashin dala da aka ƙiyasta ya kai kusan biliyan 7, na alkawuran da ya ɗauka bai cika ba. Wanda bai samu a banki ba, kamfani ne ko mai biyan kuɗin makarantar ɗansa a waje, titi yake faɗowa ya yi gogayya da su Alhaji. Da mutane suka ga hukuma da kanta ta amsa cewa naira ta faɗi, sai mai dala ya ƙara riƙe abarsa, mai naira kuma ya rugo neman mafaka.

Ana cikin haka saƙo ya shigo wayarsa daga Guangzhou. Sabuwar shekarar Sinawa ta faɗo ranar 10 ga Fabrairu a shekarar nan, kuma al'adarsu ce a rufe littafin bashi kafin bikin, domin masana'antu na rufewa, ma'aikata kuma sai an sallame su kafin su tafi garuruwansu. Mai kaya yana son dalarsa 15,000 a cikin mako.

Ya kira ɗan canjinsa.

"Alhaji, barka da rana. Yau dubu ɗaya da ɗari biyar ce."

"Haba, kai kuwa! Ni ne fa."

"Wallahi don kai ne ma, ranka ya daɗe. In ka kai la'asar ban ce za ka same ta haka ba."

Ya biya. Dala 15,000 a kan 1,500 ta kama naira miliyan 22 da rabi, maimakon 18 da ya rubuta. Miliyan 4 da rabi na ribar sun tafi a kiran waya ɗaya, saura miliyan ɗaya da rabi.

Akwai ɗan lissafi a nan da ya kamata duk mai cin bashin dala ya iya shi a ka. Tunda dala 15,000 ake bin Alhaji, duk ƙarin naira 100 a kan dala yana cin miliyan ɗaya da rabi daga ribarsa. Ribar miliyan 6 na iya jure irin wannan ƙarin sau huɗu kacal. Wato tun ranar da ya yanke farashin 9,600, an riga an san cewa idan dala ta kai 1,600 kafin ya biya, aikin banza ya yi, idan ta wuce nan kuma uwar kuɗi za ta fara zaizayewa. Wannan adadin ana samunsa ne ta raba ribar da ake sa rai da yawan dalar da ake bin mutum, a ɗora abin da ya fito a kan farashin da aka yi lissafi da shi. Minti biyu ya isa. Da ya yi shi a watan Janairu, da wataƙila ya riƙa tura cinikin kowane mako zuwa Wapa nan take, lokacin da dala ke tsakanin 1,200 da 1,400, maimakon ya tara nairar a banki yana jiran ranar biya. Kuskurensa na gaskiya ke nan, kuma kuskure ne na mutumin kirki, wanda ya saba sai kuɗi ya cika cif sannan ya sauke nauyi gaba ɗaya.

Manyan kamfanoni masu akawu ɗaki guda ma ramin nan suka faɗa. MTN Najeriya ta rufe shekarar 2023 da asarar kusan naira biliyan 137, duk da cewa cinikinta ya ƙaru, saboda asarar canji da ta haura biliyan 700. Kamfanin Nestle na Najeriya shi ma da asara ya fita shekarar. Dalilin ɗaya ne da na Alhaji, wato kuɗin shiga da naira, bashi da dala.

Ribar da ke littafi da kayan da ke kanta

Da a nan abin ya tsaya, da Alhaji ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, tunda dai an fita da ɗan abin sawa a bakin salati. Yana da miliyan 11 da ɗoriya a banki, ana binsa babu, shi kuma yana bin mutane miliyan 14 da dubu 400. Jimilla miliyan 25 da rabi, alhali da 24 ya shiga. Duk akawun da aka ba littafin nan zai sa hannu cewa an ci riba.

Yaron shagon ne ya tono maganar, kuma ba da niyya ba. A makon uku na Fabrairu, lokacin da dala ta kai wajen 1,800 a bayan fage, yana share kantar da babu komai a kanta ya ce, "Alhaji, yaushe za mu sake oda? Mutane na ta tambayar zanen nan mai ganye."

Alhaji ya jawo kalkuleta. Don a maimaita oda irin ta Nuwamba, turmi 5,000, kafin alƙalami na dala 15,000 yanzu naira miliyan 27 ne. Ga kuma kwastam. Hukumar kwastam da dala take ƙiyasta darajar kaya, sannan ta juya ta zuwa naira da farashin hukuma, don haka duk ranar da aka karya naira harajin tashar ruwa na tashi ko da ba a taɓa dokar haraji ba. Farashin da take amfani da shi yana wajen naira 422 kafin Yunin 2023, ya koma 770 a Yuli, 951 a Disamba, ya haura 1,400 a Fabrairu. Kuɗin jirgi da dala ake biya, man dizal ɗin da tirela ke sha daga Legas zuwa Kano shi ma dala yake bi. Abin da ya ci miliyan 7 da rabi a da, yanzu a ƙiyasinsa sai 12. Ana buƙatar miliyan 39 ke nan domin a cika shagon kamar yadda yake a da, shi kuwa duk abin da ya mallaka, har da wanda ke hannun mutane, 25 da rabi ne.

Ya raba, ya ninka. Kuɗinsa ba zai kawo turmi 3,300 ba.

Turmi 1,700 sun tafi, dila 17. Wannan ita ce asarar da littafin ciniki ba ya nunawa, domin littafin yana kwatanta farashin sayarwa da abin da aka sayi kaya jiya, alhali abin da zai raya shago shi ne abin da za a sayi madadinsu gobe. Tsofaffin 'yan kasuwa sun san wannan tun kafin a ba shi suna a makarantun koyon akanta, shi ya sa idan suna auna arzikin mutum ba sa cewa yana da naira kaza, sai su ce yana juya dila kaza ko kwantena kaza. A lokacin da kuɗi ke zaune lafiya, awon biyu ɗaya suke bayarwa. Ranar da aka karya kuɗi suke raba hanya, kuma wanda ya bi awon naira zai iya cin riba a kowane zagaye har ya wayi gari shagonsa ya koma tebur.

Ribar ba iska ta bi ba, hannu ta sauya. Duk wanda ya sayi turmi a 9,600 a watan Janairu ya samu kayan da madadinsu a ƙarshen Fabrairu ya haura 13,000. Masu bashi sun fi kowa morewa, domin sun karɓi atamfa, wadda darajarta ke bin dala, za su mayar da naira, wadda ke narkewa a hannu.

Mutumin Maraɗi kuwa nasa ya fi ban mamaki. Kuɗinsa sefa ce, sefa kuma a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ruwanta da abin da ke faruwa a Abuja. An rubuta bashinsa da naira. Lokacin da ya karɓi kaya, naira 9,600 dala 8 ce. Da dala ta kai 1,800, wannan kuɗin bai kai dala 5 da rabi ba. Turmin da aka saya dala 6 a bakin masana'anta, aka ɗauko shi ta teku, aka biya masa kwastam, aka kawo shi Kano, ga shi zai tsaya wa mai sefa ƙasa da kuɗinsa na Guangzhou. Bai cuci kowa ba, abin da aka yi alkawari zai biya. Dattawan Maraɗi da Damagaram ma sun taɓa ɗanɗana irinta daga ɗaya ɓangaren. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari an raba darajar sefa biyu, faran ɗin Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100, bayan taron shugabanni a Dakar, kuma duk wanda ake bi bashin kayan Turai a ranar nan bashinsa ya ninka yana barci.

Alhaji ya yi tunanin ya kira masu bashin ya ce a ƙara wani abu. Ya je wurin malaminsa bayan magariba. Amsar ba ta yi masa daɗi ba, amma ya san ta tun kafin ya tambaya. Bashin da aka ƙulla da naira, adadin nairar ake biya. Wannan shi ne ra'ayin mafi yawan malamai, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tsaya a kansa a zamanta na Kuwait a 1988, inda ta ce bashin kuɗi ana biyansa da kwatankwacinsa, ba a ɗaure shi da hawa da saukar farashi. Idan mai biya ya ga dama ya ƙara don kansa, kyautatawa ce. Mai bi dai ba shi da hurumin shardanta ƙari bayan an gama ciniki. Malam ya ƙara da cewa, "Alhaji, da tun farko ka sayar masa da sefa ko da dala, da ita zai biya ka. Gyara a bakin ciniki ake yinsa."

Gudun da ya ƙara ciwo

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da masu ba da shawara daga nesa ba sa son a tuna musu. A makon da dala ke 1,800, zancen da ke yawo a layin su Alhaji shi ne za ta kai 2,000 kafin azumi, wasu ma na cewa 2,500. Wanda ya ƙone sau ɗaya ba ya son a ce ya sake yin jinkiri. Alhaji ya kwashe miliyan 11 ɗin da ke banki ya sayi dala, ya samu 6,000 da 'yan kai.

Sai iska ta juya. Ranar 27 ga Fabrairu kwamitin Babban Bankin, ƙarƙashin gwamna Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya, ya sake ɗagawa a Maris. An soke lasisin 'yan canji sama da 4,000, bankin ya koma sayar wa waɗanda suka rage dala da rahusa, ya kuma sanar cewa ya biya halastattun basussukan dalar da ake binsa. Masu zuba jari daga waje suka shigo neman ribar takardun lamunin gwamnati. Masu ɓoyon dala suka tsorata suka fara fito da ita. Kafin tsakiyar Afrilu, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar sallah, dala ta sauko wajen 1,150 a titi. Dalar da Alhaji ya saya miliyan 11 ta koma darajar miliyan 7.

A daidai lokacin masu bashi suka fara biya, kowa ya cika alkawari. Da ya kai kuɗin Wapa a makon nan, da ya rage asara sosai. Amma yanzu zancen layin ya koma cewa za ta faɗo ƙasa da 1,000, shi kuma raɗaɗin 1,800 bai sake shi ba. Ya dakata. Zuwa tsakiyar Mayu ta koma wajen 1,500, a nan ya saya. Miliyan 14 da dubu 400 ta ba shi dala 9,600.

Idan aka tara, ya fita da dala kusan 15,800. Miliyan 24 da ya shiga da ita a Nuwamba kuwa dala 21,800 ce a farashin ranar. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na jarinsa ya tafi, kuma wannan kafin a cire cefanen gida, da kuɗin makaranta, da hayar shago, da albashin yaro na watanni shida, waɗanda dukkansu daga ribar nan ya kamata su fito. Su ma ba a tsaye suke ba, tunda hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 33 cikin 100 a watan Maris.

Mai wannan rubutu ba ya ganin laifin Alhaji a kan cewa bai iya hasashen dala ba. Manyan bankuna ma ba su iya ba a watannin nan. Abin da ya cutar da shi shi ne ya bar sana'arsa, wadda ya ƙware a kai, ya koma cacar canji da bai sani ba, sau biyu, kuma a duka biyun zancen benci ya bi. Maƙwabcinsa da bai fi shi wayo ba ya fita da ƙaramin rauni, domin shi dokarsa ɗaya ce, cinikin da ya shigo yau gobe da safe ya zama dala ko kaya, ko nawa take. Ya saya a 1,300, ya saya a 1,800, ya saya a 1,150, tsaka-tsakin ya rufa masa asiri.

Dalilin da ya sa aka daina cewa albarka

Masu saye sun ga wani abu a Kwari da sauran kasuwanni a watan Fabrairun nan da ya ba su haushi, kuma suna da hujja. Kayan da ke kanta tun Disamba, waɗanda kowa ya san an sayo su da tsohon farashi, sai ga shi an ƙara musu kuɗi da safe, an sake ƙarawa da yamma. Wasu masu shago suka ja ƙofa rabi, in ka tambaya su ce yau ba ma sayarwa. Wasu kafin su faɗi farashi sai sun duba waya. Bashi ya ɗauke, ko kuma aka rage wa'adinsa daga wata biyu zuwa mako. Aka yi ta zagin 'yan kasuwa a rediyo da cewa ba su da tausayi.

Labarin Alhaji yana nuna rabin amsar. Wanda ya sayar da tsohon kaya a tsohon farashi, kamar yadda ya yi, ya kyauta wa mai saye da jarinsa, kuma ba zai iya yin haka sau uku ba. Ɗaga farashin tsohon kaya zuwa kuɗin madadinsa kare uwar kuɗi ne. Ɗaya rabin amsar kuwa yana hannun masu ƙorafi. Da dala ta sauko a Afrilu, farashi bai biyo ta da saurin da ya bi ta sama ba. Wani ɓangare na wannan yana da dalili, tunda kayan da ke isowa a lokacin da dalar 1,700 da 1,800 aka yi odarsu, kuma babu mai tabbacin saukar za ta ɗore, kamar yadda ba ta ɗore ɗin ba. Wani ɓangaren kuma son zuciya ne tsagwaronsa, musamman a kayan da ba su taɓa ganin tashar ruwa ba. Hanyar rarrabewa ita ce a tambayi kashi nawa na kuɗin kayan ne dala. A atamfar Sin kusan duka ne. A tumatirin Kadawa taki ne da maganin feshi da man injin ban-ruwa da kuɗin mota, wanda ba kaɗan ba ne, amma bai kai a ce kwando ya bi dala ƙafa da ƙafa ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowane mai shago. Kano da Kaduna sun taɓa saƙa yadinsu. Masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da na Kakuri a Kaduna, sun ɗauki dubban ma'aikata kafin rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri su durƙusar da yawancinsu, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. A zamanin da audugar Funtuwa da Gusau ke zama atamfa a gida, karyewar naira na taɓa rini da kayan gyaran inji ne, ba turmin gaba ɗaya ba. Yau babbar kasuwar yadi irin Kwari da kayan waje ta dogara, shi ya sa abin da aka yanke a Abuja ranar Litinin yake isa kantar mai shago kafin Laraba. Ba kuma karon farko ba ke nan. An yi a 1986 lokacin shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, an yi a Yunin 2016 da dala ta tashi daga 197 zuwa wajen 280 a rana ɗaya, an yi ranar 14 ga Yunin 2023 da aka haɗe kasuwannin canji, ta bar 460 da ɗoriya ta doshi 750 cikin 'yan kwanaki. A kowane karo alamar da ta riga faɗuwar ɗaya ce, wato tazara mai faɗi tsakanin farashin banki da na titi, da dogon layin masu jiran dalar da banki ya yi alkawari bai bayar ba.

A watan Yuni Alhaji ya sake oda, dila 35, bayan ya sayar da wani fili da ke Rijiyar Zaki ya cike gibin kwastam. An yi auren 'yarsa, an rage kujeru saiti ɗaya daga abin da uwargida ta tsara. Ya sayi sabon littafi mai layi biyu a gefen dama, ɗaya na naira, ɗaya na dala a farashin ranar, kuma a saman kowane shafi yaron yana rubuta adadin turmin da ke cikin sito da wanda ke hannun mutane.

Mutumin Maraɗi ya dawo ɗaukar kayan babbar sallah, bayan an buɗe iyaka a watan Maris. Suka gaisa, aka kawo shayi, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo rubuta bashi Alhaji ya ɗan yi jim, alƙalami a hannu.

"Alhaji, wannan karon da sefa za mu rubuta."

Baƙon ya yi dariya, ya ajiye kofin. "Na san za ka faɗa. Tun a mota nake lissafin jika nawa zai kama."